WASAN GOMA SHA BIYAR: KA ƘIRGA KAFIN KA FARA TURAWA



A hutun da ya wuce wani ɗan wasan roba ya cinye mini yini biyu cur. Da yawanku kun san shi: ɗan faranti ne mai kusurwa huɗu, a cikinsa akwai ƙwayoyi masu lamba daga 1 zuwa 15, sai gurbi ɗaya da babu kowa. Ba a ɗaga ƙwaya, tura ta ake yi cikin gurbin, har sai lambobin sun jeru bi da bi. Na jera komai daidai, sai sahun ƙarshe ya ce bai san zance ba. Kullum 15 ce ke riga 14. In na gyara su, sai 11 da 12 su juya. In na gyara waɗannan, sai wasu biyu su ɓaci. A daren na biyu ne ƙanena ya amsa laifinsa yana dariya: ashe faranti ya faɗo masa, ƙwayoyi biyu suka fita, shi kuma ya mayar da su yadda ya ga dama.

Abin da ya ba ni haushi daga baya shi ne, da na san abin da zan faɗa muku yanzu, minti biyu sun ishe ni in gane cewa wahalar banza nake yi. Akwai jerin da ko shekara ɗari mutum zai yi yana turawa ba zai warware shi ba, kuma ana iya gane irinsa tun kafin a taɓa ƙwaya ko ɗaya. Ƙirga ce kawai, irin wadda ɗan aji ɗaya zai iya.

Ga dai jerin da ya wahalar da ni. Alamar _ ita ce gurbin da babu ƙwaya.

```
 1  2  3  4
 5  6  7  8
 9 10 11 12
13 15 14  _
```

Ba ni ne farau ba

Wasan ya fito ne daga ƙasar Amurka. Wani shugaban gidan waya mai suna Noyes Chapman, a garin Canastota na jihar New York, shi ake danganta wa ƙirƙiro shi a shekarun 1870. A ƙarshen 1879 aka fara sayar da shi a birnin Boston, a 1880 kuwa ya zama ruwan dare a Amurka da Turai, manya da yara kowa na fama. Na wancan lokacin ƙwayoyin katako ne da ake zubawa cikin ɗan akwati yadda suka zo, sannan a fara turawa. Shi ya sa mutane suka rikice: yau mutum ya warware cikin sauƙi, gobe ya kwana a kai bai iya ba, kuma bai san dalili ba.

Daga baya wani shahararren mai tsara wasannin ƙwaƙwalwa, Sam Loyd, ya riƙa cewa shi ya ƙirƙiro wasan, ya kuma sa ladan dala 1,000 ga duk wanda ya warware wancan jeri na sama, mai 15 kafin 14. Iƙirarin ƙirƙira dai ba gaskiya ba ne, masu bincike Jerry Slocum da Dic Sonneveld sun nuna haka a littafin da suka fitar a 2006. Ladan kuma babu wanda ya ci, kuma babu wanda zai iya ci. Tun a 1879 masana lissafi biyu, William Johnson da William Story, sun riga sun buga hujjar cewa rabin jere-jeren wasan ba su warwaruwa. Wato mai sa ladan ba ya cikin wani haɗarin asara.

To mu bar tarihi, mu koma kan yadda ake ganewa. Za mu fara da ƙaramin faranti mai gida tara, uku-uku, wanda ke da ƙwayoyi takwas. Ya fi sauƙin ƙirgawa, kuma in ka gane shi, babban ba zai ba ka wuya ba. Wanda ba shi da wasan, ya samo marafan kwalba takwas ya rubuta musu lamba, ya zana gida tara a bangon littafi. Ya wadatar.

Abin da ake ƙirgawa

Ka tuna yadda ake jera mu a filin taro da safe, gajeru a gaba, dogaye a baya. In dogo ya tsaya gaban wanda ya fi tsawo, an sami saɓani. Irin wannan saɓani za mu ƙirga a cikin lambobi. Duk inda babbar lamba ta riga ƙaramarta zuwa, saɓani ɗaya ke nan, ko suna maƙwabtaka ko suna nesa da juna.

Ɗauki wannan jeri:

```
4 1 3
7 2 6
_ 5 8
```

Da farko ka karanta shi kamar yadda ake karanta boko, daga hagu zuwa dama, sahu bayan sahu, ka rubuta lambobin a dogon layi ɗaya. Gurbi ba ya shiga layin, tsallake shi ake yi. Abin da za ka samu shi ne 4, 1, 3, 7, 2, 6, 5, 8.

Yanzu ka bi su ɗaya bayan ɗaya. A kan kowace lamba ka tambayi kanka: cikin waɗanda ke bayanta a layi, guda nawa ne ba su kai ta ba? Bayan 4 akwai 1 da 3 da 2, saɓani uku ke nan. Lamba 1 ba ta fi kowa ba, ba ta da komai. Bayan 3 akwai 2, ɗaya ke nan. Bayan 7 akwai 2 da 6 da 5, uku. Lamba 2 ba ta da ko ɗaya, don 1 ta riga ta wuce. Bayan 6 akwai 5, ɗaya. Su 5 da 8 babu komai. In ka tara uku da ɗaya da uku da ɗaya, ka sami 8.

Ba girman wannan adadi ne abin dubawa ba. Abin dubawa shi ne, cika ne ko mara? Cika ita ce lambar da ake raba wa mutum biyu ba saura, kamar 0, 2, 4, 6, 8. Mara ita ce mai barin ɗaya, kamar 1, 3, 5, 7. A faranti mai faɗin gida uku ƙa'idar gajeruwa ce: in saɓani cika ne, jerin zai warwaru, in mara ne, ba zai taɓa warwaruwa ba. Namu ya ba da 8, saboda haka akwai hanya. Ga ta ma, turi shida ne: 7 ƙasa, 4 ƙasa, 1 hagu, 2 sama, 5 sama, 8 hagu. Gwada da marafanka ka gani.

Me ya sa haka?

Nan ne daɗin abin yake, don haka kada ka haddace ƙa'ida ka wuce. Turi iri biyu ne kawai a wannan wasa: ko ƙwaya ta matsa gefe, ko ta matsa sama ko ƙasa. Mu ga abin da kowanne ke yi wa dogon layinmu.

In ƙwaya ta matsa hagu ko dama, ita da gurbi ne kawai suka sauya wuri a cikin sahu ɗaya. Tunda gurbi ba ya cikin layi, layin yana nan yadda yake, ko lamba ɗaya ba ta tsallake wata ba. Saɓani bai ƙaru ba, bai ragu ba.

In kuwa ta matsa sama ko ƙasa, labari ya ɗan sauya. Duba turin farko a misalinmu, inda 7 ta sauka ƙasa. Kafin turin, layi yana cewa 7, 2, 6. Bayan turin ya koma 2, 6, 7. Wato 7 ta tsallake ƙwayoyi biyu, 2 da 6. Kuma kullum biyu ne, domin a faranti mai faɗin gida uku, tsakanin kowane gida da wanda ke ƙarƙashinsa akwai gida biyu in ana bin layin karatu.

Duk lokacin da ƙwaya ta tsallake wata guda ɗaya, abu ɗaya ne ke faruwa cikin biyu. In da ma akwai saɓani a tsakaninsu, ya warware, adadi ya ragu da ɗaya. In babu, yanzu an samu, adadi ya ƙaru da ɗaya. To tsallake biyu fa? Ko dai duka biyun su rage, adadi ya sauka da biyu. Ko duka biyun su ƙara, ya hau da biyu. Ko ɗaya ya ƙara ɗaya ya rage, ya tsaya inda yake, kamar a ce 5, 2, 7 ya koma 2, 7, 5, inda saɓanin 5 da 2 ya tafi, na 7 da 5 ya zo. Babu hanya ta huɗu.

Ka ga ke nan adadin saɓani yana tafiya ne biyu-biyu, ko ya tsaya cik. A turi shidan nan da muka yi, ya tashi daga 8 ya koma 6, sannan 4, ya tsaya a 4 lokacin da 1 ta matsa hagu, sannan 2, sannan 0, ya tsaya a 0. Wanda ke kan 8 yana taka biyu-biyu zai iya isa 0. Wanda ke kan 7 kuwa zai sauka 5, 3, 1, daga nan ba shi da inda zai je sai ya sake hawa. Jerin da aka warware, 1 zuwa 8 bi da bi, saɓaninsa 0 ne, kuma 0 cika ne. Mai mara ba shi da hanyar zuwa can, komai gwanintarsa, komai yawan turin da zai yi.

Abin da ido ke gani yana yaudara sosai a nan. Jerin da komai ya zauna daidai sai 8 da 7 kawai suka juya, saɓaninsa ɗaya ne tak, kuma ba ya warwaruwa. Amma ka juya lambobin gaba ɗaya, 8, 7, 6 a sama, 5, 4, 3 a tsakiya, 2, 1 a ƙasa. A ido babu wanda ya kai shi lalacewa. Ƙirga ka gani: 8 tana da bakwai a bayanta, 7 tana da shida, haka har ƙasa, jimla 28. Cika ne, kuma yana warwaruwa.

Babban faranti yana da ƙarin sharaɗi

Wanda ya ɗauki ƙa'idar ƙaramin faranti ya ɗora wa mai gida goma sha shida kai tsaye zai sha kunya, kuma dalilin a bayyane yake in ka bi bayanin da ya gabata. A faranti mai faɗin gida huɗu, ƙwayar da ta hau ko ta sauka ƙwayoyi uku take tsallakewa, ba biyu ba. Tsallake uku kuwa yana sauya adadi da ɗaya ko da uku. Saboda haka duk turin sama ko ƙasa sai ya mai da cika mara, ko ya mai da mara cika.

Kamar dai ƙa'idar ta rushe ke nan. Amma lura da wani abu: duk lokacin da ƙwaya ta sauka, gurbi ya hau sahu ɗaya, duk lokacin da ta hau, gurbi ya sauka sahu ɗaya. Abu biyu ne ke sauyawa tare, adadin saɓani da sahun da gurbi yake. In ka haɗa su wuri ɗaya, sauyin wannan yana cike na wancan, sai jimlar ta koma tafiya biyu-biyu kamar da.

Ga yadda za ka yi. Ka ƙirga saɓani kamar yadda muka saba. Sannan ka duba sahu nawa gurbi ya hau daga sahun ƙasa: in yana sahun ƙasa 0 ne, in yana na samansa 1 ne, sai 2, sai 3 in yana can ƙoli. Ka tara lambobin biyu. In jimla cika ce, jerin zai warwaru. In mara ce, ka ajiye faranti ka huta.

Mu gwada da wannan:

```
 5  1  3  4
 2  6  7  8
 9  _ 10 12
13 14 11 15
```

Layinsa shi ne 5, 1, 3, 4, 2, 6, 7, 8, 9, 10, 12, 13, 14, 11, 15. Bayan 5 akwai 1 da 3 da 4 da 2, huɗu ke nan. Lamba 3 ta riga 2, ɗaya. Lamba 4 ma ta riga 2, ɗaya. Daga 6 har zuwa 10 babu wadda ke da ƙarama a bayanta. Sai 12 da 13 da 14, kowacce ta riga 11, uku ke nan. Jimlar saɓani 9. Mai gaggawa zai ce mara ne, ba ya yiwuwa. To amma gurbi ya hau sahu ɗaya daga ƙasa, 9 da 1 kuwa 10 ne. Cika. Jerin yana warwaruwa, kuma da turi tara: 6 ƙasa, 2 dama, 5 ƙasa, 1 hagu, 2 sama, 6 sama, 10 hagu, 11 sama, 15 hagu.

Dubi turin farko da kyau, don shi ne ke nuna yadda abin ke aiki. Da 6 ta sauka, ta tsallake 7 da 8 da 9, duk sun fi ta, saboda haka saɓani ya tashi daga 9 zuwa 12. Gurbi kuma ya hau sahu biyu daga ƙasa. Jimla ta koma 14. Daga 10 zuwa 14, cika bai bar cika ba.

Yanzu koma kan jerin da ya hana ni barci. Saɓani ɗaya ne, 15 kafin 14. Gurbi yana sahun ƙasa, 0. Jimla 1, mara. Shi ke nan, magana ta ƙare. Dala 1,000 ɗin Sam Loyd a kan wannan ɗan lissafi ta dogara.

Wanda ba ya son tuna batun sahu, akwai dabara mai sauƙi: kafin ka fara ƙirga, ka tura ƙwayoyi sama har gurbi ya sauko sahun ƙasa, sannan ka ƙirga saɓani kawai. Turi halattacce ba ya sauya hukuncin jeri, don haka ba ka ɓata komai ba. Kuma ka sani faɗin faranti ne ke yanke wace ƙa'ida za a bi, tsawonsa ba shi da ruwa. Mai faɗin gida uku ko biyar, saɓani kawai ake dubawa, domin tsallaken biyu ne ko huɗu. Mai faɗin gida huɗu ko shida, sai an haɗa da sahun gurbi.

Wata tambaya da ya kamata mai hankali ya yi

Mun nuna cewa mara ba ya warwaruwa. Amma wa ya ce duk cika yana warwaruwa? Ai wannan wata magana ce daban. Ta yiwu a ce akwai wani shingen da ba mu gani ba. Amsar ita ce babu, kuma mai wasa da hannunsa zai iya ganin dalili.

In kana warware babban faranti, ka fara jera sahun sama, 1 zuwa 4, ka bar shi. Sai na biyu, 5 zuwa 8. A sahu biyun ƙasa ka zaunar da 9 da 13 a gefen hagu, sannan 10 da 14. Duk waɗannan suna yiwuwa a kowane jeri, mai kyau da marar kyau, muddin ka iya wasan. Abin da zai rage shi ne ɗan lungu mai gida huɗu a ƙasa ta dama, da ƙwayoyi uku a ciki: 11, 12, 15. A wannan lungu babu abin da ƙwayoyin za su iya sai zagaye, suna bin juna kamar masu kewaya rijiya. Wadda ke gaba tana gaba, wadda ke baya tana baya, babu mai wuce wata. In ka bi su ta yadda hannun agogo ke tafiya, ko dai ka tarar da 11, 12, 15, ko ka tarar da 11, 15, 12. Na farko, ka yi ta zagayawa har kowacce ta faɗa gidanta. Na biyu, ko ka kwana kana zagayawa ba za su zauna ba. Hali biyu ne kawai, na farko shi ne cika, na biyu shi ne mara.

Shi ya sa jere-jeren suka rabu gida biyu daidai wa daida. Ƙaramin faranti ana iya zuba shi ta hanya 362,880, waɗanda ke warwaruwa 181,440 ne. Babba kuwa, masu warwaruwa sun kai 10,461,394,944,000, marasa warwaruwa ma haka. In mutum zai duba jeri ɗaya kowace daƙiƙa ba hutu, sai ya shafe fiye da shekara 330,000 kafin ya gama da rabi ɗaya. Saboda haka babu wanda zai ce ya gwada duk hanyoyi ya ga ba ta yiwuwa, hujja ce kawai ke iya rufe wannan magana. Wani abin mamaki kuma, duk da wannan yawa, an tabbatar da na'ura mai ƙwaƙwalwa cewa babu jeri mai warwaruwa da ke buƙatar fiye da turi 80 a babban faranti, ko fiye da 31 a ƙarami, in an bi hanya mafi gajarta.

Inda ake yin tuntuɓe

Kuskuren da na fi gani wurin abokaina da na koya wa shi ne sa gurbi cikin layi, wasu su ɗauke shi 0, wasu 16. Da wannan ƙa'ida tamu ba a yin haka. Na biyu shi ne ƙirga maƙwabta kawai, a manta cewa 5 da ke farkon layi tana da saɓani da 2 ko da akwai lambobi uku a tsakaninsu. Kuskuren ɗaya tak yana juya amsa gaba ɗaya, don haka ka ƙirga sau biyu.

Wanda ya fi waɗannan wayo shi ne batun inda ake son zuwa. Duk abin da na faɗa a sama ya tsaya ne a kan cewa ana son lambobi bi da bi, gurbi a kusurwar ƙasa ta dama. In aka sauya wannan, sai ka yi wa jerin farko lissafi, ka yi wa jerin da ake nema lissafi, ka gwama. In duka cika ne ko duka mara ne, akwai hanya tsakaninsu. In sun bambanta, babu. Misali, a babban faranti a ce ana son gurbi a kusurwar sama ta hagu, sannan 1, 2, 3 su biyo, har zuwa 15 a ƙarshe. Saɓani 0 ne, amma gurbi ya hau sahu uku, jimla 3, mara. Wato daga jerin nan nawa mai 15 kafin 14, wanda shi ma mara ne, ana iya isa wannan. Da na sani, da na ce wa ƙanena ai can da ma na nufa.

A ƙaramin faranti ma akwai masu son lambobi su zagaye gefe, gurbi a tsakiya: 1, 2, 3 a sama, 8 da gurbi da 4 a tsakiya, 7, 6, 5 a ƙasa. Ƙirga saɓaninsa, za ka sami 7. Daga jerin da aka saba ba a zuwa wurinsa.

In wasanka na hoto ne ba na lamba ba, ka ba kowane yanki lambar gidan da ya kamata ya zauna, sannan ka ƙirga. Sai dai in akwai yanki biyu masu kama ɗaya sak, to nan ƙa'idar ba ta hana komai. A ce haruffan LITTAFAI ne a kan ƙwayoyi takwas. Akwai T biyu, A biyu, I biyu. In lissafi ya ba da mara, sai ka sa T ta farko ta tafi gidan ta biyu, ta biyun ta dawo gidan ta farko. Mai kallo ba zai ga bambanci ba, amma lissafi ya koma cika.

Wannan ya kawo mu ga maganin faranti irin nawa. Musanya kowace ƙwaya biyu da hannu, ko wace iri ce, yana juya hukuncin jeri. In maƙwabta ne a layi, tsallake ɗaya ne, adadi ya sauya da ɗaya. In akwai wasu a tsakaninsu, kowace cikin biyun sai ta tsallake na tsakiyar duka, wannan ya zo biyu-biyu, sannan su tsallake juna sau ɗaya. Ɗayan nan shi ke juya lissafi. Saboda haka in farantinka ya ba da mara, ka ɓalle ƙwaya biyu a hankali ka musanya su, sau ɗaya kawai. In ka yi sau biyu ka koma gidan jiya. Masu wayo a cikin 'yan wasa ma ba sa musanya komai a fili: in ƙwayoyin na ɗagawa ne, sai su juya 6 ta koma 9, su juya 9 ta koma 6. Musanya ce ita ma, kuma tana sa jerin 15 kafin 14 ya warwaru. Amma dai magudi ne, kada wani ya zo ya ce a bangon nan ya koya.

Na wannan mako

Ga jeri uku. A kowanne ana son lambobi bi da bi, gurbi a kusurwar ƙasa ta dama. Kada ka tura komai, ƙirga kawai za ka yi.

Na ɗaya:

```
2 8 3
1 6 4
7 _ 5
```

Na biyu:

```
 1  2  3  4
 5  6  7  8
 9 10 11 12
14 15 13  _
```

Na uku:

```
15 14 13 12
11 10  9  8
 7  6  5  4
 3  2  1  _
```

Ka rubuta adadin saɓanin kowanne, da hukuncin da ka yanke, da sunanka da ajinka, ka jefa a akwatin ƙungiya kafin ranar Alhamis. Wanda ya ga na ɗaya bai yi masa daɗi ba, ya gwada shi da jerin nan mai zagaye gefe, ya gaya mana turi nawa ya ɗauke shi. Za mu liƙa amsoshi a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.